Wasiƙa Zuwa ga Mahaifin da Ya Rasu: Yadda Ake Rubuta Ta da Inda Amfaninta Ya Tsaya

Wasiƙa zuwa ga mahaifin da ya rasu wata dabara ce da masana lafiyar tunani ke ba mutumin da rashin uba ya tsaya masa a rai. Mutum yakan keɓe da takarda da biro, ya yi wa mahaifinsa magana kai tsaye kamar yana zaune a gabansa, ya faɗi abin da bai samu faɗa ba lokacin da yake raye. Ba a aika ta ko'ina, ba a jiran amsa, kuma ba don wani ya karanta ake rubuta ta ba. Aikinta yana kan mai rubutun ne. Maganar da ta shekara tana kai-komo a zuci, ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ita ake so ta fito ta zama jimloli da mutum zai iya dubawa, ya auna, ya ga wadda take gaskiya da wadda zargin kai ne kawai ya haifa.

Masanin nan Ba'amurke William Worden ya sanya irin wannan wasiƙa cikin dabarun da ya lissafa a littafinsa kan taimakon waɗanda aka yi wa rasuwa, wanda ya fara fitowa a 1982. A wancan lokacin ra'ayin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masanan Turai da Amurka shi ne cewa warkewa daga rashi na nufin mutum ya cire mamacin daga ransa ya ci gaba da rayuwa. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka fitar da wani littafi da ya ƙalubalanci wannan ra'ayi. Sun nuna cewa yawancin masu lafiyayyen tunani ba sa yanke alaƙa da matattunsu, salon alaƙar ne ke canjawa. Wannan ba baƙon zance ba ne ga mutanen da ke sa wa jariri sunan kakansa, su riƙa kiransa Abba ko Baba don kada a kama sunan, kuma suke yi wa iyayensu addu'a bayan kowace salla. Wasiƙar ta ginu ne a kan wannan fahimta. Ba rabuwa da uba take nema ba, gyara abin da ya karkace a tsakani take nema.

Robert Neimeyer na jami'ar Memphis da abokan aikinsa sun yi nazari kan abin da ke rage wa mai rai tsakaninsa da mamaci, suka kasa shi gida biyu. Akwai burin da bai cika ba: godiyar da ba a yi ba, bankwanan da ba a samu ba, jikan da kaka bai gani ba. Akwai kuma saɓanin da ba a sasanta ba: faɗa, gaba, zalunci, ko wani sirri da aka ɓoye. Sun ga cewa masu ɗauke da irin wannan ragowa, musamman idan tana damunsu ƙwarai, sun fi fama da baƙin ciki mai daɗewa. Sanin gidan da damuwar mutum ta faɗa yana da amfani tun kafin a ɗauki biro, domin wasiƙar kewa daban take da wasiƙar ƙorafi, kuma ta biyun ta fi wuya nesa ba kusa ba.

A gidan Bahaushe wannan ragowa takan yi yawa, kuma dalilan a fili suke. Kunya ce ginshiƙin zaman uba da ɗa. Ɗa yana durƙusawa ya gaishe da mahaifinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kama sunansa, kuma sau da yawa ta bakin uwa ko baffa yake isar da buƙatarsa. Ɗan fari kuwa nasa ya fi tsanani, tunda al'ada ta sa iyaye su riƙa kawar da kai daga gare shi, wani ma a hannun kaka ko gwaggo yake tashi. Soyayya tana nan, amma a aikace ake nuna ta: kuɗin makaranta, ragon suna, fili da aka yanka wa yaro a bayan gida. Mutum zai iya kai shekara arba'in bai taɓa ce wa mahaifinsa yana ƙaunarsa ba, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Ga kuma saurin jana'iza. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, don haka ɗan da ke Legas ko Kumasi ko Saudiyya sai dai ya tarar da tabarmin zaman makoki. 'Ya mace ko tana gari ba ta raka gawa maƙabarta, kuma wadda aure ya kai nesa takan ji labari ne ta waya. Neman yafiya a bakin shimfiɗar mara lafiya, wanda kowa ke fatan samu, da yawa ba sa samunsa. A zaman makoki kuma kalmomin da ake musaya sanannu ne, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya jiƙansa. Kalmomi ne masu sanyaya rai, amma babu gurbi a cikinsu da ɗa zai ce ya yi kwana goma bai ɗauki wayar mahaifinsa ba saboda fushi.

Kafin a shiga yadda ake rubutun, wajibi ne a faɗi abin da bincike ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba, domin ana yawan zuzuta wannan dabara fiye da ƙima. Tushen binciken shi ne gwajin da James Pennebaker da Sandra Beall suka wallafa a 1986, wanda suka yi da ɗalibai a wata jami'a ta birnin Dallas a jihar Texas. An sa ɗaliban su yi rubutu na minti 15 kullum har kwana huɗu a jere. Wasu sun rubuta abin da ya taɓa girgiza rayuwarsu, wasu kuma an ba su abubuwa marasa nauyi, kamar siffanta ɗaki ko takalmi. Waɗanda suka haɗa labarin abin da ya faru da yadda suka ji a ransu sun tashi daga rubutun ransu a ɓace fiye da sauran, amma a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibitin makaranta. Abu biyu ke nan: rubutun yana ɗaga hankali a nan take, amfaninsa kuma a hankali yake zuwa.

Da aka gwada wannan a kan masu makoki, sakamakon bai zo yadda aka zata ba. Margaret Stroebe da abokan aikinta a ƙasar Holan sun wallafa wani bincike a 2002 kan maza da matan da abokan aurensu suka rasu, kuma ba su ga alamar cewa zuba baƙin ciki a takarda ya gaggauta musu samun sauƙi ba. Daga baya, a 2010, Wendy Lichtenthal da Dean Cruess suka gwada rubutu mai alƙibla, inda ake ba mutum takamaiman abin da zai yi tunani a kai, kamar ma'anar da ya samo daga rashin ko abin da rashin ya canja a rayuwarsa. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna cewa rubutun da aka yi wa jagora ya fi na sakaka amfani. Abin da za a ɗauka daga waɗannan shi ne cewa yawancin masu makoki suna samun sauƙi da lokaci da dangi da ibada, ko sun yi rubutu ko ba su yi ba. Wasiƙar ta wanda wata magana ta maƙale wa ce. Shi ma ɗin ba cika takarda da kuka ne zai amfane shi ba, sai ya san maganar da yake son faɗa ya nufe ta.

Lokacin da ya dace ba kwanakin farko ba ne. A makon rasuwa, har zuwa sadakar arba'in ga masu yinta, gida cike yake da mutane, jiki a gajiye, hankali kuma bai gama karɓar labarin ba. Pennebaker da kansa yana ba da shawarar kada a tilasta wa kai rubutu kan abin da ya faru jiya-jiya. An fi samun natsuwar yinsa bayan wata biyu ko uku, lokacin da 'yan ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, aka fara maganar rabon gado, mutum ya lura cewa akwai wani zance guda da ke dawo masa duk dare. Ta ɗaya ɓangaren kuwa babu latti. Wanda mahaifinsa ya rasu shekara ashirin da suka wuce zai iya rubutawa yau.

Tsarin da aka fi bi an aro shi ne daga gwajin Dallas: zama uku ko huɗu, kowanne minti 15 zuwa 20, a jere ko a tsallake kwana ɗaya. A zaɓi wurin da ba mai shigowa, a kashe waya, a sa lokaci, idan ya cika a ajiye biro ko da magana ba ta ƙare ba. Ƙayyade lokacin shi ne ke hana zaman ya rikiɗe ya zama daren kuka. Bai kamata a yi shi dab da kwanciya barci ba. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar ya fi, yadda mutum zai tashi ya shiga wata hidima ko ya zauna cikin jama'a. A rubuta da harshen da ake magana da uban, da sunan da aka saba kiransa, Baba ne ko Abba ko Malam ko Alhaji. Ɗan bokon da ya rubuta wa mahaifinsa manomi da Turanci ya riga ya sa shamaki tsakaninsu. Boko ko ajami duk ɗaya ne, kuma ba a kula da kuskuren rubutu. Wanda bai iya rubutu ba zai iya ɗaukar muryarsa a waya, sai dai ya tabbata ba za ta faɗa hannun wani ba. Yana da kyau kafin a fara da bayan an gama mutum ya auna nauyin da yake ji a ƙirji daga 0 zuwa 10, ya rubuta lambar a gefen takarda. Lambar za ta yi amfani daga baya.

Misali zai fi bayyana aikin. A ƙaddara wani magidanci, ɗan fari, ma'aikaci a Legas, mahaifinsa kuma manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Maganarsu ta ƙarshe a waya ce. Uban ya nemi kuɗin gyaran rufin ɗaki kafin damina, ɗan ya ce sai ƙarshen wata, da murya mai ɗan zafi, domin a makon ya biya kuɗin makarantar yara. Bayan kwana biyu uban ya kira, ɗan ya ga kiran bai ɗauka ba, da niyyar zai kira idan albashi ya shigo. Kafin ƙarshen watan uban ya yanke jiki ya faɗi a gona, ya rasu da daddare, aka yi jana'iza da safe, ɗan ya iso washegari. Wata biyar bayan haka yana zuwa aiki, yana cin abinci, amma bai iya goge lambar ba, kuma duk sanda waya ta yi ƙara da dare sai gabansa ya faɗi.

A zaman farko irin wannan mutum kusan kullum takardar ta'aziyya yake rubutawa. Zai ce Baba ka rene mu, ka sha wahala a kanmu, ba mu da abin da za mu saka maka da shi, Allah ya sa Aljanna ce makomarka. Duk gaskiya ne, kuma addu'ar tana da muhallinta. Amma ana gane cewa wasiƙar ba ta fara aiki ba idan kowane ɗa zai iya sa hannu a ƙarƙashinta, kuma idan "mu" ta yi yawa "ni" ta ɓace. Lambar da ke gefen takarda ma takan nuna haka: ya fara da 6, ya gama da 6, babu abin da ya motsa. Wannan ba gazawa ba ce. Kunyar da ta hana shi magana a zaure ita ce ta biyo shi kan takarda, kuma zaman farko yakan tafi ne wajen lallashinta.

Maganin wannan shi ne a zo da rana guda, wuri guda, magana guda. Masu ba da shawara sukan miƙa wa mutum farkon jimla ya ƙarasa da kansa, kamar "abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne", ko "ranar da na fi tunawa ita ce", ko "abin da nake so ka sani game da ranar nan". A zama na biyu sai rubutun magidancin ya koma kamar haka: "Baba, ranar Talata da ka kira ina zaune ne a bakin gado, wayar tana hannuna. Na ga sunanka. Na bar ta ta yi ta ƙara har ta katse, saboda ba ni da kuɗin kuma ina jin kunyar in sake ce maka babu. Ba raini ba ne. Na kasa faɗa wa kowa wannan, ko Inna ba ta sani ba." A nan hannu yakan yi rawa, hawaye su zo, lambar ta tashi daga 6 zuwa 8 ko 9. Haka ake sa ran gani, kuma yawanci nauyin yakan sauka cikin sa'a ɗaya ko biyu. Abin lura shi ne cewa a cikin rubutun wani sabon abu ya fito wanda wata biyar na tunani bai fito da shi ba. Da yana ce wa kansa ya wulaƙanta mahaifinsa. Yanzu ya ga da idonsa cewa kunyar rashi ce ta hana shi ɗaukar wayar.

A wannan gaɓa ce ake raba laifi na gaskiya da laifin da baƙin ciki ya ƙirƙira. Mai makoki yakan yi wa kansa shari'a da sanin da bai da shi a lokacin. A ranar Talatar magidancin bai san saura kwanaki ba. A saninsa, uban lafiyarsa ƙalau, kuma ƙarshen wata na nan tafe kamar kowane wata. Tambayar da za a sa ya amsa a rubuce ita ce: me ka sani a ranar, me kuma ka sani sai daga baya? Idan ya amsa da gaskiya, abin da zai rage masa shi ne zafin murya da jinkirin kira. Waɗannan kuskure ne, ya kamata a kira su da sunansu a nemi gafara a kansu, kuma wanda ya ce masa babu komai bai taimake shi ba, domin zuciyarsa ba za ta yarda ba. Amma ba su ne suka kashe mahaifinsa ba, kuma ba su share shekara goma sha biyar da ya yi yana aika kuɗin taki ba.

Zama na uku shi ne na abin da uba ya yi wa ɗa, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa. An hore su da cewa ba a ambaton mamaci sai da alheri, balle mahaifi. Wannan horo daidai ne a bainar jama'a, inda ake kare mutuncin wanda ba zai iya kare kansa ba. Takardar da ba mai gani kuwa ba tozartawa ba ce, kuma mutum ba zai iya yafe abin da ya ƙi yarda an yi masa ba. Magidancin misalin nan, da ya ci gaba, sai ga wani tsohon ciwo ya taso: yana ɗan shekara tara aka saki mahaifiyarsa na wani lokaci, aka bar shi a hannun kishiya, uban yana gani ana hana shi abinci bai ce uffan ba. Ya rubuta: "Na jira ka yi magana ranar nan, ba ka yi ba. Tun daga lokacin nake jin nauyin roƙonka, kai ma da ka roƙe ni sai tsohon haushin ya taso." Yanzu zafin muryar da ya yi a waya ya samu asali. Ba a buƙatar ya rufe wannan zama da cewa ya yafe. Yafiyar da aka rubuta don a gama da wuri ba ta zama. Idan abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne yana so ya yafe amma bai kai ba tukuna, to ya rubuta hakan.

Wasu masu ba da shawara a ƙasashen Turai sukan sa a rubuta amsa da muryar mamacin, wato ɗa ya rubuta abin da yake jin uban zai ce. Musulmi da yawa ba za su saki jiki da wannan ba, kuma suna da hujja, domin sanya wa mamaci magana a baki abu ne mai nauyi. Akwai hanyar da ta fi tsabta kuma take kaiwa ga biyan buƙata ɗaya: mutum ya rubuta abin da uban ya taɓa faɗa ko ya taɓa yi da gaske a irin wannan hali. Yaya ya yi ranar da ƙanensa ya ɓata masa rai? Me yakan ce idan yaro ya kawo uzuri? Magidancin zai iya tuna cewa duk sanda ya aika kuɗi a makare, abin da uban ke fara tambaya shi ne lafiyar jikokinsa. Wannan shaida ce ba ƙage ba, kuma ta fi kwantar da rai.

Game da hukuncin wasiƙar kanta, abin da ya kamata ya fito fili shi ne niyya. Ba saƙo ba ce da ake zaton zai isa kabari, ba roƙon mamaci ba ce, ba kuma neman ya yi wani abu ba. Roƙo ga Allah ake yi. Yi wa mamaci magana da lafazin wanda ke gabanka kuwa sananne ne a sallamar da ake yi wa mazauna maƙabarta, da kuma a marsiyya, fannin da malaman ƙasar nan suka daɗe suna yi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Hawaye ma ba a hana ba, tunda ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da furucin ƙin ƙaddara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ko ya juya rubutun ya zama munajati, yana faɗa wa Ubangijinsa abin da ke tsakaninsa da mahaifinsa. Kirista ma zai iya yin haka cikin addu'arsa. Aikin da rubutun ke yi a zuci bai canja ba.

Zama na ƙarshe na godiya ne da ɗaukar alkawari. Godiyar ma takamaimiya ake so, kamar keken da uba ya sayar ya biya kuɗin jarrabawa, ba "duk abin da ka yi mana" ba. Alkawarin kuwa shi ne ke fitar da wasiƙar daga takarda zuwa rayuwa, kuma a nan Musulmi yana da hanya a shimfiɗe. Hadisai sun nuna cewa biyayya ga iyaye ba ta ƙarewa da mutuwarsu: akwai addu'a da nema musu gafara, da cika alkawarin da suka bari, da sada zumuncin da ta wajensu aka same shi, da girmama abokansu. A haɗa da biyan bashi da sadaka mai gudana. Sharaɗin shi ne aikin ya dace da abin da ya maƙale, kuma ya zama wanda za a iya. Magidancin da ya ce zai gina masallaci alhali albashinsa bai kai ba ya ɗora wa kansa sabon abin zargi ne. Wanda ya ce zai gyara rufin nan kafin damina mai zuwa, tunda mahaifiyarsa da ƙannensa na ƙarƙashinsa, kuma zai riƙa kiran baffansa duk Juma'a, ya ɗauki abin da zai sauke.

Ana gane rubutun yana aiki ta hanyar duba takardun a jere. Binciken da Pennebaker da abokan aikinsa suka yi kan kalmomin masu rubutu ya nuna cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda labarinsu ke canjawa daga zama zuwa zama, kalmomin dalili da fahimta suna ƙaruwa, kuma suna iya duban abin ta idon wani ba nasu kaɗai ba. A wasiƙar uba wannan yakan bayyana da jimloli irin "yanzu na gane" da "wataƙila kai ma a lokacin". Lambar gefen takarda takan hau a zama na biyu da na uku, ta sauko a na huɗu. Alamar cewa abu ya ɓaci kuwa ita ce maimaici: takarda ta huɗu ta zama kwafin ta farko, cike da "da na sani" da "me ya sa", babu sabon bayani ko ɗaya. Wannan saƙa da warwara ce aka mayar kan takarda, kuma ƙara zama ba zai gyara ta ba. Haka nan idan nauyin bai sauka ba har washegari, ko barci ya ƙaurace kwana da kwanaki, ko hoton gawar ko na asibiti ya riƙa faɗo wa mutum ba shiri, to a dakata.

Takardar kanta tana buƙatar shawara tun kafin a fara. A gidan da ke da 'yan uba da rabon gado a gaba, wasiƙar da ta ambaci kishiyar uwa ko wani sirri za ta iya tayar da fitinar da ta fi wadda aka zo magancewa. Wanda zai ajiye ya kulle ta inda shi kaɗai ya sani, ya sake karantawa bayan wata ɗaya ko ranar da rasuwar ta zagayo. Wanda ba shi da irin wannan wuri ya ƙone ta, musamman da yake akwai sunan Allah a ciki, bai dace a jefa ta a shara ba. Ba a kai ta kabari, ba a tura wa dangi a waya. Idan akwai wani sashe da ya kamata mai rai ya ji, kamar uwa ko ƙane, a je a faɗa masa da baki.

Akwai waɗanda bai kamata su yi wannan aiki su kaɗai ba. Na farko shi ne wanda mahaifinsa ya mutu ta hanyar tashin hankali, a hannun 'yan bindiga ko a haɗarin mota, musamman idan a gabansa aka yi, domin firgici ya haɗu da makoki kuma kowanne da maganinsa. Haka wanda uban ya zalunta zalunci mai tsanani, da wanda dama yana da ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022, ta amince da makoki mai tsawo a matsayin lalura, idan tsananin kewa da shagaltuwa da mamaci suka wuce aƙalla wata shida, suka zarce abin da al'adar mutum ta saba, har suka hana shi gudanar da rayuwarsa. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa wata goma sha biyu ga manya. Mai irin wannan hali yana iya amfana da wasiƙar, amma a ƙarƙashin kulawar masani. Wanda kuwa rubutu ya kai shi ga tunanin bin mahaifinsa ko cutar da kansa, ya ajiye biro a ranar, ya faɗa wa wani na kusa, a kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da sashen da ke duba irin wannan lalura.